Sauyin jadawalin aiki a ɗakin yara daga Litinin, 1 ga Satumba

Assalamu alaikum.

Abokan aiki, barkanmu da ƙoƙari, ya hidima da marasa lafiya? Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ina sanar da ku cewa daga Litinin, 1 ga Satumba, jadawalin aikinmu zai sauya, kuma haka zai tsaya har ƙarshen Oktoba. Mun zauna da Metron, ta sa hannu. An liƙa sabuwar rostar a allon da ke bayan ƙofar ofishin nas-nas, kowa ya je ya duba sunansa da idonsa, kada ya dogara da "an ce".

Aikin safe yana nan yadda yake, ƙarfe 8 zuwa 2, na yamma 2 zuwa 9, na dare 9 zuwa 8 na safe. Abin da ya sauya shi ne yawan mutane da tsawon dutin dare. Daga yanzu mutum uku ne za su kwana maimakon biyu, masu safe kuma su koma huɗu daga biyar. Tsarin nan na kwana bakwai a jere sannan hutun mako guda mun jingine shi. Dare huɗu za a yi, a huta kwana uku.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Damina ta zauna, zazzaɓin cizon sauro ya cika mana gadaje, kuma yaran da ake kawowa daga ƙauyukan Kalgo da Bunza sau da yawa sai bayan magariba suke isowa, wani yana jijjiga, wani jini ya ƙare tafin hannu fari fat. Kun san allurar atesunet: ta farko nan take, ta biyu bayan awa 12, ta uku bayan awa 24. Yaron da aka fara wa da ƙarfe uku na rana, ta biyunsa ƙarfe uku na dare za ta faɗo. To a daidai wannan lokaci nas ɗaya tana zaune kan mai ƙarin jini tana duba zafin jiki da bugun zuciya, ɗayan ya tafi ɗakin gwaji karɓo ledar jini. Wa zai yi allurar? Na bi katunan makon jiya, na ga inda aka makara. Ba laifin kowa nake nema ba, hannu ne ya yi kaɗan, kuma wanda ya kai dare na shida bai runtsa ba, ko rubutunsa a kati ya isa ya nuna.

Sai maganar musanya, wadda nake roƙon a karanta da kyau. Ba a hana ba, amma daga 1 ga wata babu sauran musanyar da za a ƙulla a waya tsakanin mutum biyu. Mai so ya rubuta a littafin musanya, su biyun su sa hannu, ni ma in sa, aƙalla kwana biyu kafin ranar. Idan babu hannuna, wanda sunansa ke rosta shi ke da duti, kuma shi za a tambaya in gurbin ya zauna babu kowa. Rasuwa ko rashin lafiya na gaggawa daban ne, a kira ni ko da tsakar dare.

Miƙa aiki kuma a bakin gado za a riƙa yi, gado bayan gado, da kati a hannu. Mai karɓa ya iso minti goma sha biyar kafin lokaci, mai sauka kada ya fita sai an ƙirga magungunan kabad an sa hannu. Ran Juma'a maza masu aikin safe su miƙa wa Sista Hauwa kafin su wuce masallaci, kamar yadda aka saba.

Na san tsarin zai takura wasu, musamman masu zuwa daga Jega da kan haɗa hutun makon nan su yi shi a gida, da waɗanda gonar shinkafa ke jira. Ban raina wannan ba. Masu shayarwa da masu juna biyu da likita ya rubuta wa takarda ba a sa su dare ba. Hutun shekara da aka riga aka amince da shi yana nan, amma sabuwar buƙata sai Nuwamba.

Duk mai uzuri na gaskiya ya same ni a ofis kafin ƙarfe 2 na ranar Laraba, 27 ga Agusta. Bayan nan rosta ta rufe. Ƙarshen Satumba za mu zauna gaba ɗaya mu ji yadda tsarin ya karɓe mu, abin da ke buƙatar gyara a gyara.

Don Allah kowa ya amsa wannan saƙo don in san ya gani, a kuma shaida wa Malam Bello da ke hutu.

Na gode, Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sista Rabi
Shugabar ɗakin yara, Birnin Kebbi