Waƙar Fararen Ƙwayoyin Jini

Ɗalibaina 'yan aji ɗaya na sashen gwajin jini, ga waƙar da na yi muku alkawari kafin jarrabawar ƙarshen zango. Na lura ba sunayen biyar ɗin ne ke ba ku wuya ba, jerin ne yake kuɓuce muku, musamman ukun ƙarshe, inda da yawanku ke ɗora iyosinofil a kan monosait. Shi ya sa na ɗaure su da sunayen mata biyar, kowane suna ya fara da harafin ƙwayarsa: Nana nutirofil, Ladi limfosait, Mairo monosait, Indo iyosinofil, Binta basofil.

Wanda lokaci ya ƙure wa, ya haddace amshi da baitoci shidan farko, sun ishe shi amsa tambayar jeri. Sauran baitocin na wanda yake son ya gane ƙwayar da idonsa ne idan ya leƙa madubin gwaji, kuma a wurina wannan ya fi haddar muhimmanci. Inda na ce cibiya, nukiliyas nake nufi. Inda na ce tsaba, ina nufin 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake gani a ruwan ƙwaya bayan an rina ta. Alƙaluman 60, 30, 6, 3 da 1 na tsaka-tsaki ne, na zaɓe su don sun haɗa 100 cif. Littattafai da ɗakunan gwaji sukan ɗan saɓa a kan iyakokin kowacce, amma jerin bai canja ba. A rera da ƙarfi, mutum ɗaya ya ja baiti, saura su amsa.

Amshi:
Nana, Ladi, Mairo, Indo, Binta,
Jerin fararen ƙwayoyin jini.

Da sunan Allah zan fara,
Mai halitta, Mai tsara,
Ya ba mu jiki, Ya ƙara
Da masu tsaro a cikin jini.

Ɗalibai ku matso kusa,
Mu jero su tun daga bisa,
Mafi yawa zuwa ta ƙasa,
Biyar ne, ba a ƙara wani.

Nutirofil, babbarsu ce ita,
Limfosait tana bayanta,
Monosait ta uku, riƙe ta,
Kada ka sauya mata mazauni.

Iyosinofil ta huɗu ce,
Basofil ta biyar ce,
Auta, mai ƙaramin rabo ce,
Samunta sai mai kaifin gani.

In ka ƙirga ƙwaya 100,
60 na Nana tun fari,
30 na Ladi a jeri,
Saura 10, ga bayani:

Mairo 6 ne nata,
Indo 3 ne rabonta,
1 tak ya rage wa Binta,
Lissafi ya cika a ma'auni.

Nana, Ladi, Mairo, Indo, Binta,
Jerin fararen ƙwayoyin jini.

A ɓargon ƙashi ake yin su,
Daga nan jini ke ɗaukar su,
Inda cuta take ya kai su,
Ba hutu, dare ko yini.

In maikirolita guda aka gwada,
Daga 4,000 ne bisa al'ada,
Zuwa 11,000 a ƙa'ida,
Ga baligi mai cikakken sukuni.

A shafa ɗigo a gilashi,
A bar iska ta busar da shi,
A rina, a wanke, a duba shi,
Kowacce ta fito da nata launi.

Nana ta fi su yawa,
Kashi 40 take farawa,
Har 70 tana kaiwa,
Ita ke da rinjaye a mizani.

Cibiyarta a rarrabe take,
Gaɓa 2 zuwa 5 suke,
Da siririn zare a sarƙe,
Wannan alama ta isa nuni.

Tsabar cikinta ƙanana ne,
Launinsu mai haske ne,
Tsaka-tsaki kawai ne,
Ba ja sosai ba, ba shuni.

In bakteriya ta kutsa,
Ta sami fata ta ratsa,
Nana ba ta jira a matsa,
Ita ke fara isa wurin rauni.

Ta haɗiye ta, ta narke ta,
Da sinadaran da ke cikinta,
Ko da za ta rasa ranta,
Aikinta ke nan tun tuni.

Mugunyar da ke cikin maruru,
Gawarwakinsu ne suka taru,
Shaidar yaƙin da ya faru,
Abin da kowa ya taɓa gani.

Ba ta yin tsawon rai,
Awoyi ko 'yan kwanaki kawai,
Ɓargo na ƙera wasu dai,
Yana aiko su bini-bini.

Nana, Ladi, Mairo, Indo, Binta,
Jerin fararen ƙwayoyin jini.

Ladi ce mai bi mata,
20 zuwa 40 kasonta,
'Yar ƙarama ce a siffarta,
Amma ta fi kowa tunani.

Cibiya ɗaya, kewayayya,
Ta kusa cike ciki gaba ɗaya,
Ruwan ya koma gefe da baya,
Siriri, mai ɗan shuɗin launi.

Gida uku ne danginta,
B da T ne manyanta,
NK ce cikon ukunta,
Kowacce da irin nata amfani.

Ƙwayar B maƙeriya ce,
Antibodi sana'arta ce,
Ya manne wa cuta, kariya ce,
Jiki ya haɗa wa kansa magani.

Ƙwayar T daga ɓargo ta fita,
A taimos take samun horonta,
Bayan ƙashin ƙirji makarantarta,
Ta fito da aiki irin na gwani.

Wata na kashe ƙwayar jikinmu
Da bairos ya shiga, ta kamu,
Wata na jagorantar dakarunmu,
Ita ke ba sauran umarni.

CD4 ake kiran ta,
Ƙwayar ƙanjamau ce ke farautar ta,
Shi ya sa ake ƙirga ta
Ga mai cutar da ke shan magani.

NK ba ta jiran gabatarwa,
Ƙwayar daji in ta fara tsirowa,
Ko mai bairos, tana ganowa,
Ta kashe ba neman izini.

Ladi ba ta mantuwa,
Cutar da suka taɓa karawa,
Ko da shekaru sun yi yawa,
In ta dawo ba ta samun sukuni.

Asirin rigakafi ke nan,
A nuna mata kamannin cutar nan,
Ta adana shi tun daga nan,
Ran da suka haɗu tana da sani.

Nana, Ladi, Mairo, Indo, Binta,
Jerin fararen ƙwayoyin jini.

Mairo ta uku a lissafi,
2 zuwa 8 a littafi,
Amma a girma ita ta fi,
Girma daban, yawa daban, ka sani.

Cibiyarta kamar ƙoda,
Ta lanƙwasa gefe guda,
Ruwanta toka-toka in an gwada,
Mai faɗi, ba ta ɓuya ga mai gani.

'Yan kwanaki take zagayawa,
Sai ta bar jijiya tana kutsawa
Cikin naman jiki, tana sauyawa,
Makurofaj sunanta a sabon mazauni.

A huhu da hanta da saifa,
Nan take zama ta kafa,
Duk tarkacen da yaƙi ya haifa,
Ta share, a fara sabon gini.

Ta gutsuro ɗan yankin cuta,
Ta kai wa Ladi ta nuna mata,
Ciwo mai daɗewa na ƙara ta,
Irin tarin fuka mai tsawon zamani.

Indo ta huɗu, kar ka ɗaga ta,
Saman Mairo ba wurinta,
1 zuwa 4 ne iyakarta,
Nan ɗalibai ke tuntuɓe bini-bini.

Cibiyarta gaɓa biyu ce,
Tsabarta manya-manya ce,
Ja mai ruwan lemo ce,
Iyosin ne ya ba ta wannan rini.

Tsutsar ciki ta fi ƙarfin haɗiya,
Sai su kewaye ta gaba da baya,
Su zuba mata dafi gaba ɗaya,
Har ta rasa ƙarfi, ta yi rauni.

In ka ga Indo ta hau sama,
Tambayi tsutsa, tambayi asma,
Ko borin jini da ke kama
Mutum don ƙura, abinci ko magani.

Binta auta ce a gida,
Ba ta cika kai kashi guda,
Ka ƙirga 100 bisa ƙa'ida,
Wani sa'in ko ɗaya ba ka gani.

Tsabarta baƙi-baƙi, manya,
Sun rufe cibiya gaba ɗaya,
Ka nemi siffarta ka sha wuya,
Ta sha shuni a wurin rini.

Histamin take saki,
Jijiyoyi su buɗe a jiki,
Kumburi da ƙaiƙayi waje da ciki,
Da hefarin mai hana daskarewar jini.

Nana, Ladi, Mairo, Indo, Binta,
Jerin fararen ƙwayoyin jini.

In an tambaye ka masu tsaba,
Nana, Indo, Binta ka duba,
Ladi da Mairo ba su shiga ba,
Masu "fil" a ƙarshe, shi ne nuni.

Jerin nan na baligi ne,
A yaro ƙarami daban ne,
Ladi ce gaba, kuma daidai ne,
Kada ka ce cuta ta kama wani.

Daga 'yan kwanaki bayan haihuwa,
Har shekara 4 ko 5 tana kaiwa,
Sannan Nana take karɓewa,
Ta ci gaba da mulkin jini.

Ciwo ma yakan juya jeri,
Bairos ya ɗaga Ladi da sauri,
Rubuta abin da ka ƙirga a 100,
Ba abin da waƙa ta ce ba, ka ji ni.