Takardar Bita ta Uku: Noman Rani a Jazira da Madatsun Ruwan Nilu

Darasin Jugurafiya, ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin Shahada Sudaniyya. Zaman bita na bayan La'asar, Maiurno. Daga Malam Haruna.

'Ya'yana, na taƙaita muku babin nan a takarda ɗaya saboda lokaci ya ƙure. Da Hausa na rubuta don ya zauna a kai, amma da Larabci za ku amsa, don haka kowa ya ajiye littafinsa kusa, yana duba sunayen yadda aka rubuta su. Kada ku fara da haddar shekaru. Ku fara gane hanyar da ruwa ke bi daga kogi zuwa gona, domin yawancin tambayoyin "allil", wato kawo dalili, daga nan suke fitowa.

Me ya sa aka zaɓi Jazira?

Jazira ita ce filin da ke tsakanin Nil Azrak da Nil Abyad, kudu da Kartum inda kogunan biyu suka haɗu. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ga ɗan gangare daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Wannan gangaren shi ne dalili na farko, kuma shi kuka fi mantawa. Da zarar an tare ruwan Nil Azrak a madatsar Sinnar ya ɗago, sai ya bi tur'a, wato magudanar ban ruwa, da kansa har cikin gona, ba famfo, ba kuɗin mai. Na biyu ƙasar: laka ce baƙa mai nauyi. Kun san yadda take tsagewa da rani har ƙafar yaro ta shige, idan kuma ta sha ruwa ta kumbura ta rufe. Saboda haka ruwa ba ya tsiyayewa ƙasa, tur'o'in ba su buƙaci siminti ba. Sai ku ƙara da zafin rana da ya dace da auduga, da layin dogo da ke kai ta Bur Sudan, da masu aiki. Cikin masu aikin nan har da kakanninmu da suka zo daga yamma, waɗanda suka yi shekaru suna tsinkar auduga a hawashoshin Jazira, wato gonakin da aka raba wa manoma.

Nil Azrak daga tafkin Tana yake tasowa a Habasha. Yana cika daga Yuli zuwa Oktoba, ya fi tumbatsa a Agusta, sannan ya janye sosai da rani. Amfanin madatsa ke nan: a riƙe ruwan ƙarshen cikar kogi don watannin da ya ragu.

Tarihin shirin a gurguje

An gwada noman auduga da famfo a Tayyiba a 1911, aka ga ta yi kyau. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jinkirta aiki, sai a 1925 aka gama madatsar Sinnar, mai tsawon kusan kilomita 3. Turawan Ingila auduga mai dogon zare suke nema wa masaƙunsu na Lankasha. Idan aka tambayi manufar shirin a farko, wannan ce amsa, tare da samar wa gwamnati kuɗin shiga. Kada wani ya rubuta mini alkama, daga baya ta shigo.

Ribar auduga kashi uku ake yi mata: gwamnati 40 cikin 100 saboda ruwa da madatsa, manoma 40 saboda aiki, kamfanin Turawa mai gudanarwa 20. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare, Hukumar Jazira ta karɓa, hedkwatarta a Barakat kusa da Wad Madani. A 1981 aka bar asusun haɗaka aka koma kowane manomi da lissafinsa. Dokar 2005 kuma ta ba manomi 'yancin shuka abin da yake so. Da ƙarin Manakil, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1950, faɗin shirin ya haura fadan miliyan 2. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne.

Yadda ruwa ke isa gona

Daga madatsa ruwa ya shiga babbar tur'a, ita ta raba wa manyan rassa, su kuma su zuba wa ƙananan tur'o'i. Daga ƙaramar tur'a sai abu ishirin, wanda ke shayar da nimra ɗaya, fadan 90 a tsarin asali. Daga abu ishirin sai abu sitta, shi ke shiga hawashar manomi. Ku zana wannan da hannunku, daga babba zuwa ƙarami. An tsara ƙananan tur'o'in su tara ruwa da dare a yi ban ruwa da rana, kuma tsayawar ruwan nan ce ke sa laka ta kwanta a cikinsu, ciyawa ta fito. Kun ga ke nan matsalar lakar da za mu ambata a ƙasa daga tsarin kansa take tasowa.

Yarjejeniyoyi biyu

A yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1929 Masar ta sami kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan biliyan 4 kacal. A 1959 aka sake rabo bisa lissafin biliyan 84 a Aswan: Masar 55.5, Sudan 18.5, sauran 10 aka bar wa tururin da rana ke kwashewa a tafkin babbar madatsar Aswan. Idan lamba ɗaya ta ɓace muku a ɗakin jarrabawa, ku haɗa sauran ku cire daga 84. Ƙarin kason nan ne ya ba da damar faɗaɗa noman rani a shekarun 1960. Habasha ba ta cikin yarjejeniyar, shi ya sa ba ta yarda da ita ba, kuma a 2011 ta fara gina madatsar Nahda.

Sauran madatsu

Rusairis tana kan Nil Azrak kusa da Damazin, an gama ta a 1966, aka ƙara mata tsayin mita 10 a aikin da aka buɗe a 2013. Ta fi Sinnar riƙe ruwa nesa ba kusa ba, tana kuma ba da lantarki. Hashmul Girba tana kan kogin Atbara, 1964, don Sabuwar Halfa inda aka tsugunar da mutanen Wadi Halfa da ruwan Aswan ya cinye garinsu. Marawi a arewa, 2009, ta lantarki ce, megawat 1,250. Jabal Auliya kuwa ku yi hattara da ita: kan Nil Abyad take, an gama ta a 1937, kuma don amfanin Masar aka gina ta. Duk wanda ya ce ita ke shayar da Jazira ya zubar da maki a banza.

Matsaloli

Laka daga tsaunukan Habasha tana rage wa madatsu ciki, tana toshe tur'o'i, har ruwa ya kasa kaiwa gonakin da ke can ƙarshe. Akwai ciyawar ruwa, da farin ƙuda mai ɓata auduga, da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya saboda ruwa mai kwanciya, da ƙarancin kuɗin gyara, da faɗuwar farashin auduga. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lamarin, wannan kun gani da idonku. A jarrabawa kowace matsala ku haɗa ta da sanadinta a jimla ɗaya. Jera sunaye kawai ba ya kawo cikakken maki.

Aikin gida, a kawo ranar Asabar

1. Kawo dalili: ba a buƙatar famfo don shayar da yawancin Jazira.
2. Zana taswirar Nil Azrak da Nil Abyad, ka sa Sinnar, Rusairis, Jabal Auliya, Wad Madani da Kartum.
3. Murabba'in mita nawa ne a nimra mai fadan 90? Nuna lissafi.
4. Kwatanta kason Sudan a 1929 da na 1959, ka faɗi aiki ɗaya da ƙarin ya haifar.

A rubuta amsa da Larabci, da biro, littafi a rufe. Wanda bai sami kwafi ba ya kwafa wajen ɗan'uwansa, takardar buga wasu ta ƙare.