Rahoto kan ɗaukewar netwok na ranar Talata

Assalamu alaikum Yallaɓai,

Ga bayanin da ka ce in rubuto maka kan abin da ya faru jiya Talata. Tun farko dai ba daga kamfanin intanet ba ne, matsalar daga cikin gida take, kuma akwai laifina a ciki.

Wajen ƙarfe 8:20 na safe mai akawu ta kira ni wai imel ba ya buɗewa, kafin in iso teburinta wasu mutum uku sun ce su ma haka, firinta ta ƙi yi, foldar da muke ajiye fayil a saba ita ma shiru. Cikin kwamfuta 14 guda 9 ne suka tsaya, sauran 5 suna aiki lafiya lau. Da na natsu da tun nan na gane inda matsalar take, don in layin kamfani ne ya faɗi ai kowa zai shafa. Amma sai na kashe rauta na kunna, na kira kamfanin suka duba suka ce layinmu ƙalau yake, ni kuma na tsaya ina musu da su, a nan kawai na ɓata kusan awa ɗaya.

Sai wajen 9:30 na zauna kan ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya na buga `ipconfig /all`. Adireshin kwamfutocinmu duk da 192.168.1 yake farawa, amma wannan sai na ga 192.168.0.103, wurin `DHCP Server`, wato na'urar da ke rabon adireshi, kuma 192.168.0.1, mu ba mu da wata na'ura mai wannan lambar. Yallaɓai yadda abin yake, duk kwamfutar da aka kunna sai ta yi cigiyar adireshi a netwok, rautarmu ce ke ba ta ta kuma nuna mata hanyar fita intanet, to in aka samu masu rabon adireshi biyu yawanci wanda ya riga amsawa shi take bi. Ashe wata rautar ce ta biyu ke riga tamu, tana nuna musu hanyar da ba ta kaiwa ko'ina. Biyar ɗin da suka tsira kuwa kwana suka yi a kunne da adireshinsu na da.

Na bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya har na same ta a ɗakin taro bayan talabijin. Tsohuwar rautarmu ce da muka cire bara, wani abokin aiki ya ɗauko ta daga kabad ranar Litinin da yamma ya jona a soket ɗin netwok na bango don waifai ba ya kaiwa can kuma yana da taro da safe. Gaskiya ban ga laifinsa sosai ba, sau biyu yana min maganar waifai ɗin ɗakin ina ce masa sai an jima, kuma ni na bar rautar a kabad ba makulli ban ma kashe mata DHCP ba.

Na zare ta 9:50, sannan na bi kwamfutocin guda 9 na buga wannan:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
```

Firinta ce ta ɗan ba ni wahala don ita ma ta karɓi adireshin bogi, sai da na kashe ta na kunna. Zuwa 10:25 kowa ya dawo aiki, kusan awa biyu ke nan. Ba fayil ɗin da ya ɓata, na duba saba da bakof na daren Litinin duk lafiya, illa dai takardun biyan kuɗin da mai akawu za ta tura 9:00 sai 10:40 suka tafi.

Jiya da yamma na ba firinta tsayayyen adireshi kamar yadda saba take da shi, na zare kebul ɗin duk soket ɗin da ba a amfani da su daga suwic, wato akwatin da duk kebul ɗin netwok ke haɗuwa, tsohuwar rautar kuma na kulle ta. Na rubuta wa kaina matakan dubawa na manna a jikin kabad, na farko shi ne duba adireshi kafin kiran kowa.

Saura abu uku da sai da amincewarka. A sayi na'urar waifai ta gaske a saka a ɗakin taro, in ba haka ba wallahi wani zai sake yin dabararsa. Sannan suwic ɗinmu irin wanda ba a iya saitawa ne, ina so mu canza zuwa mai `DHCP snooping`, shi in an saita shi daga fot ɗin rautarmu kaɗai zai yarda a raba adireshi, ko an jona wata ba za ta yi tasiri ba. Na ukun sanarwa ce ga ma'aikata cewa kar a jona komai a netwok sai an tambaye ni, na fi so ta fito daga wajenka don an fi jin maganarka, kuma don Allah kar a ambaci sunan kowa.

In ka amince zan kawo maka farashin kayan ranar Alhamis, canjin suwic ɗin kuma sai bayan an tashi aiki, ba zai wuce minti 40 ba.

Na gode,
Mai kula da kwamfutocin ofis