Taswirar zuwan Hajiya mustausaf, daga Shara Mansur zuwa tagar magani

Na zana wannan taswira ne domin zaman ma'aikatan mustausaf ɗinmu, wato ƙaramin asibiti, na ranar Talata, bayan na bi mara lafiya guda ƙafa da ƙafa ranar Asabar, da yardarta. Hajiya shekararta 58, tana zaune a Shara Mansur a nan Makka, tana fama da ciwon suga. Larabcin kasuwa take ji, ba ta karatu, ta zo da jikarta mai shekara 14. Tana da iƙama, wato katin izinin zama, tana da ta'amin, wato inshorar lafiya, ta wurin aikin maigidanta. A kowane zango na tambaye ta yadda zuciyarta take, na sa maki daga 1, wato ɓacin rai, zuwa 5, wato kwanciyar hankali.

Zango na 1: gida da hanya, ƙarfe 7:30. Ta fito ba ta karya ba, don a zuwan baya an ce mata gwajin suga yana son azumin awa 8. Maki 4. "Yau dai zan san inda na kwana," in ji ta.

Zango na 2: istiƙbal, wato teburin karɓar marasa lafiya, ƙarfe 8:10. Nan ne teburina, don haka na fi kowa jin nauyinsa. An karɓi iƙama, an buɗe fayil, ta biya kasonta, an miƙa mata lamba 17. Abin da ya sosa mata rai: allon kira da Larabci yake, sai da ta riƙa taɓa jikarta tana cewa "Duba mini, an wuce mu?" Maki 3.

Zango na 3: awon hawan jini da nauyi. Minti 4. Nas ta ce mata "Sannu, Hajiya" da Hausarta ta koyo, Hajiya ta yi dariya. Maki 5, kuma ba ta sake kaiwa nan ba.

Zango na 4: ɗakin likita, ƙarfe 9:05. Minti 6. Likita ya yi tambayoyinsa yana duban kwamfuta, jika tana tafinta. Ya tambayi ko ƙafafunta suna mata wani abu, yarinyar ta ce "lafiya lau". Da muka fito Hajiya ta ce mini, "'Yata, wata biyu ke nan tafin ƙafata kamar ana zuba mini barkono da dare, ga yawan fitsari, amma ina zan faɗi haka ta bakin jikata a gaban namiji?" Ga mai suga wannan ba ƙaramar magana ba ce, tana iya zama alamar jijiyoyi sun fara taɓuwa. Na koma na shaida wa likita. Da ba na wurin fa? Maki 2. Gyara: a tambayi mara lafiya tun daga istiƙbal ko tana son babbar mace mai jin Hausa ta shiga da ita. Mu uku ne masu jin Hausa a gidan nan.

Zango na 5: jiran muwafaƙa, wato amincewar kamfanin ta'amin, 9:15 zuwa 10:50. Nan layin taswirar ya faɗi ƙasa warwas. An rubuta mata gwaji biyu, na azumi da na HbA1c mai nuna sugan kimanin wata 3, aka ce ta zauna sai kamfanin ta'amin ya amince. Babu wanda ya faɗa mata minti nawa, babu wanda ya leƙo ta. Tun bayan isha'i ba ta sa komai a bakinta ba. Wajen ƙarfe 10 hannunta ya fara rawa, gumi ya keto mata duk da sanyin mukayyif, amma ta ƙi karɓar dabinon da wata mata ta miƙo, tana tsoron kada gwaji ya ɓaci a ce ta dawo gobe ta sake biyan mota. Nas na kira, ta auna ta a yatsa, ta ba ta abin sha mai zaƙi. Gwajin azumi ya tashi ke nan, HbA1c kaɗai aka ɗauka, shi da ma ba ya buƙatar azumi. Maki 1. Jinkirin kamfani ba a hannunmu yake ba, amma shirun namu ne. Gyara: duk mai suga da ya zo da azumi a sa wa fayil ɗinsa jan tambari, a tura buƙatarsa kafin ta kowa, a riƙa zuwa wurinsa duk minti 15.

Zango na 6: saidaliyya, wato tagar magani, ƙarfe 11:40, bayan ta sake ganin likita da sakamako. An zana mata layi biyu a kwali, aka ce "marratain", wato sau biyu. Kafin abinci ko bayan abinci? Ba ta tambaya ba, ta gaji. Maki 2. Gyara: mai ba da magani ya sa ta maimaita bayanin da bakinta.

Zango na 7: komawa gida. Saƙon ranar dawowa ya shiga wayar maigida, shi kuwa yana bakin aiki a Jidda sai Alhamis. Na rubuta ranar a bayan katinta, na karanta wa jikar sau biyu. Hajiya ta ba wannan zango maki 3, ta ce in ƙara rabi saboda dabinon matar nan, ko da ba ta ci ba.