Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Bukar kan Jinkirin Isowar Kayansa Maiduguri

Kano,
Laraba, 14 ga Agusta, 2024

Ranka ya daɗe Alhaji Bukar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen kasuwa.

Kayanka da muka yi lodi a Kasuwar Singa ranar Litinin, buhu 400 na sukari da 200 na fulawa, mun yi maka alkawarin za su sauka jiya Talata da yamma. Ba su sauka ba. In Allah ya yarda za su iso jibi Juma'a, 16 ga wata, wajen ƙarfe 11 na safe.

Ga abin da ya faru. Direbanmu, Malam Sani, ya isa Jama'are ranar Litinin da la'asar, ya tarar ruwa ya cinye titi tsakanin Jama'are da Azare, manyan motoci sun yi layi. Ya kwana a wurin yana sa ran za a cike ramin. Da muka ga Talata ta raba babu alamar haka, sai muka ce ya juya. Tun daren Litinin ya kamata mu sanar da kai, ba mu yi ba. Wannan laifinmu ne, ka yi haƙuri.

Da a ce ya bi ta Azare kai tsaye, tafiyar kimanin kilomita 590 ce. Yanzu sai da ya koma Kwanar Huguma, ya ɗauki hanyar Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, daga can kuma zai bi ta Darazo ya ɓulla Potiskum. Wannan hanyar kusan kilomita 750 ce daga Kano. In aka haɗa da kusan 200 da ya ɓata wajen zuwa Jama'are da dawowa, jimilla ta kai 950, wato ƙarin 360.

A daren nan motar tana Bauchi, saura kilomita 450. Tirela mai tan 30 a kan wannan titin da damina ba ta wuce kilomita 40 a awa, don haka gobe Alhamis zai yi kamar awa 8 ya kwana a Damaturu. Ragowar 130 ɗin da ya iya ƙarasawa, amma ka fi mu sanin wannan hanyar: ba ma barin direba ya shige ta da yamma, ko kayan waye.

Sani ya duba tamfol a Bauchi, babu buhun da ya jiƙe. Kuɗin man da ya ƙaru kuwa mu za mu ɗauka, kuɗin mota yana nan yadda muka yi ciniki.

Don Allah a tanadi 'yan dako tun ƙarfe 10, a samu a sauke kafin a tafi masallaci. Da zarar ya tashi daga Damaturu zan kira ka da kaina.

Wassalam,
Naka,
Garba Isa
Mai kula da lodi da motoci