Rajistar Kayan Kashe Gobara na Benen Shaguna, Fagge, Kano: Zagayen Nuwamba 2025

Ranar zagaye: Asabar, 8/11/2025, bayan sallar azahar. Ni da shugaban masu gadi muka yi shi.
Ranar da kamfani ya yi babban duba na shekara: 14/1/2025. Na gaba ya kama 14/1/2026.
Tukwanen kashe wuta da ke gidan: 14. Masu hoda 7, masu iskar CO2 4, masu kumfa 2, ta kicin 1.

Alhaji, ranka ya daɗe, ga abin da muka tarar. Duk tukunyar da na rubuta "lafiya" a gabanta, allurar gejinta tana kan kore idan mai geji ce, fil da hatimi suna nan, tiyo bai tsage ba, kuma na sauke ta daga maƙala na ji nauyinta da hannuna. Masu hoda kuwa sai da na kife kowacce, na kara kunne na ji hodar tana zuba, domin idan ta daɗe a tsaye takan dunƙule.

ƘASAN BENE

Lamba 1. Hoda, kilo 9, tambari shuɗi. Bakin babbar ƙofa, hannun dama. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025, na gaba 1/2030. Lafiya.

Lamba 2. Hoda, kilo 9. Baranda, tsakanin shago na 4 da na 5. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025, na gaba 1/2030. Ita kanta lafiyarta ƙalau, amma sai da muka ɗauke dila uku ta atamfa kafin mu gan ta. Wannan karo na uku ke nan da nake rubuta haka. Yaron shagon ya ce na ɗan lokaci ne, haka ya ce a watan Satumba, haka ya ce a Oktoba. Na shata layin jan fenti a ƙasa, taku biyu daga bango, na gaya wa maigidansa kada kaya su ƙetare shi. Idan Alhaji ya yi masa magana da kansa zai fi ji.

Lamba 3. Hoda, kilo 9. Gindin matattakala. Ɗuri na ƙarshe 20/2/2023, na gaba 2/2028. Lafiya.

Lamba 4. CO2, kilo 5, tambari baƙi. Ƙofar ɗakin mitoci da abin canjin layi. Ɗuri na ƙarshe 11/3/2022. A FITAR DA ITA. Irin wannan ba ta da geji, ba a gane ta sai a kan sikeli. Abin da aka buga a wuyanta kilo 14.6 ne idan tana cike. Na aro sikelin masu shadda na ɗora ta, ta ba ni 13.7. Wato gram 900 sun tsiyaye, alhali ƙa'ida ita ce da zarar kashi goma cikin ɗari na iskar ya tafi, wato gram 500, a kai ta ɗuri. Takardar da ke manne a jikinta tana cewa komai daidai, shi ya sa watanni muna wuce ta. A ce a gwada bawul ɗin kafin a cika, don ta nan nake zargin take fita. Wannan ɗakin nan ne na fi jin tsoro a duk gidan, ga wayoyi, ga zafi, ga wutar da ake kawowa da ƙarfi tsakar dare babu kowa.

Lamba 5. Kumfa, lita 9, tambari ruwan madara. Wajen ɗakin janareta, kusa da tankin gas. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025, na gaba 1/2030. Lafiya. Ta man da ya zube ce. Na sake tuna wa mai kula da janareta kada ya fesa ta a kan allon wuta.

Lamba 6. CO2, kilo 5. Wajen ɗakin janareta, ɗaya gefen ƙofar. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025. Nauyi 14.5. Lafiya. Gwajin ƙarfin tukunya na shekara goma zai kama 2031.

Bokitin yashi 4, ɗakin janareta. Uku cike suke. Na huɗun na same shi a bayan gida ana alwala da shi, an zubar da yashin. Na mayar, na cika.

HAWA NA ƊAYA

Lamba 7. Hoda, kilo 9. Kan matattakala. Ɗuri na ƙarshe 20/2/2023, na gaba 2/2028. Lafiya.

Lamba 8. Hoda, kilo 6. Ƙofar shagon teloli. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025. A FITAR DA ITA. Babu fil, babu hatimi, allura ta faɗa ja, ga farar hoda a bakin tiyo. Da na matsa da tambaya aka ce mini dutsen guga ne aka manta a kan yadi ranar 23/10/2025, ya kama, suka fesa suka kashe. Madalla da suka yi haka, aikinta ke nan. Laifin shi ne mayar da ita kan maƙala da suka yi shiru, kwana goma sha shida ke nan tana rataye babu amfani. Ko sau ɗaya aka danna, sauran iskar sulalewa take yi. Na ciro ta, na kawo Lamba 14 ta tsaya a gurbinta.

Lamba 9. Kumfa, lita 9. Ƙofar sito. Ɗuri na ƙarshe 9/12/2020. A FITAR DA ITA. Geji lafiya, amma shekara biyar ɗinta na cika 9/12/2025, kuma tsatsa ta fara cin gindinta saboda a ƙasa take zaune, ruwan mofa yana taɓa ta kullum. Kamfani ya duba ko za ta ɗuru ko sai sabuwa. Idan ta dawo a kafa mata maƙala.

Lamba 10. CO2, kilo 5. Kusa da akwatin fis na hawan. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025. Nauyi 14.6. Lafiya.

HAWA NA BIYU

Lamba 11. Hoda, kilo 9. Kan matattakala. Ɗuri na ƙarshe 20/2/2023, na gaba 2/2028. Lafiya.

Lamba 12. CO2, kilo 2. Ofishin lissafi, gefen kwamfutoci. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025. Lafiya. Sabuwar ma'aikaciyar ofishin ba ta taɓa riƙe irinta ba, na nuna mata kada ta kama bakin ƙahon da hannu idan tana fesawa, sanyinsa yana ƙona fata.

Lamba 13. Ta kicin, lita 6, tambari rawaya, don man girki idan ya kama. An saya 5/6/2024, ɗuri na farko 6/2029. Lafiya. Bargon kashe wuta 1 yana rataye kusa da ita, nesa da risho, ba a taɓa zaro shi ba.

Lamba 14. Hoda, kilo 6. Mazauninta ƙarshen baranda, yanzu tana ƙofar teloli. Ɗuri na ƙarshe 14/1/2025, na gaba 1/2030. Lafiya.

Na'urar jin hayaƙi 6. Na danna madannin gwaji na kowacce, biyar sun yi ƙara. Ta sito ta yi shiru, na sa mata sabon batir, ta amsa.

ABIN DA NAKE ROƘO

Tukwane uku ne za su fita: 4, 8 da 9. Ina roƙon kada a jira zuwan kamfani na Janairu. Hunturu ya kawo kai, iska ta bushe, masu gadi sun fara neman gawayin jin ɗumi, sito kuma cike yake da kayan ƙarshen shekara. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san yadda take cin kaya idan ta samu sarari, balle mu da yadi ne jarinmu. Idan Alhaji ya amince, ranar Litinin 10/11/2025 zan kira kamfanin, da sharaɗin su kawo tukwane uku na aro su ajiye kafin su ɗauki namu, kuma in tsaya a auna Lamba 4 a gabana idan ta dawo. Kafin nan na matsar da Lamba 10 zuwa ƙofar ɗakin mitoci.

Lambar kiran gaggawa 112 da ta Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano suna manne a ɗakin masu gadi da kan kowace matattakala. Ta hawa na ɗaya rana ta cinye rubutun, na sake rubutawa.

Zagaye na gaba: Asabar, 6/12/2025.

Mai kula da bene ya sa hannu, 8/11/2025.
Shugaban masu gadi ya shaida, 8/11/2025.