Amsar Takardar Tabbatar da Bashi na Ƙarshen Shekarar 2024

27 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Shugaban Tawagar Oditoci,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarku ta ranar 13 ga Janairu ta iso mana ranar 16 ga wata, inda kuka nemi mu tabbatar da bashin da kamfanin da kuke binciken asusunsa, wato mai kawo mana kwalayen zuba kaya, yake bin mu zuwa ranar 31 ga Disamba, 2024. Mun aiko muku da amsar kai tsaye kamar yadda kuka buƙata, ba ta bi ta hannun kowa a can kamfanin ba. Duk alƙaluman da ke ciki suna kan irin kuɗin da kuka yi lissafi da shi a takardarku.

Kun rubuta cewa ana bin mu 18,460,000. Littafinmu bai yarda da wannan adadi ba. Abin da muka amsa cewa yana kanmu a wannan rana shi ne 10,350,000, wato akwai tazarar 8,110,000 tsakaninmu. Na zauna da ma'aikatana mun bi takardun ɗaya bayan ɗaya, kuma mun gano inda kowane ɓangare na tazarar ya fito. Wurare huɗu ne.

Mafi girmansu bai da wuyar sha'ani. Mun rubuta ceki na 4,000,000 ranar 27 ga Disamba, wakilin kamfanin ya zo ofishinmu ya karɓa ranar 30 ga wata, ya sa hannu a littafin karɓar ceki. Takardar bankinmu ta nuna an fitar da kuɗin ranar 3 ga Janairu. Da alama sai a wannan ranar suka shigar da shi littafinsu, mu kuwa tun da cekin ya bar hannunmu muka cire shi daga bashin.

Na biyu shi ne wanda nake roƙon ku duba da idon basira. Takardar kuɗin kaya mai lamba 2291, ta 2,750,000, tana ɗauke da kwanan wata 30 ga Disamba, amma motar ba ta shigo harabarmu ba sai ranar Litinin, 6 ga Janairu, 2025. Mai kula da sitonmu ya ƙirga kayan, ya buga hatimi a takardar rakiya da wannan kwanan wata. Sakin layi na 7 na yarjejeniyarmu ya faɗa ƙarara cewa kaya ba su zama namu ba, haɗarinsu ma ba ya kanmu, sai mai kula da sito ya sa hannu a ƙofarmu. Ke nan a daren 31 ga Disamba waɗannan kwalaye na mai kawo su ne, ko suna kan hanya ko suna sitonsa. Ba mu sa su cikin kayan da muka ƙirga a ƙarshen shekara ba, ba mu kuma rubuta su a matsayin bashi ba. Kuɗin nan muna amsa shi, za mu kuma biya, sai dai bashin 2025 ne. Yadda za a lissafa cinikin a asusun 2024 na can, wannan hukuncinku ne, amma a ganina abu ne da ya dace ku tambaya, domin ciniki ɗaya da aka ja daga Janairu zuwa Disamba yana ɗaga riba da bashin da ake bi gaba ɗaya.

Na uku kayan da muka mayar ne. Takarda mai lamba 2204 ta 5,180,000 ce, kayanta sun iso ranar 12 ga Nuwamba. Da aka kwance ɗaurin, sai aka tarar layukan ƙasa sun sha ruwa, kwalayen sun yi laushi, gefensu yana ɓarewa da an ɗaga. Mun ware na 1,180,000, direbansu ya kwashe su ranar 14 ga Nuwamba ya sa hannu a takardar mayar da kaya. Sashen cinikinsu ya amsa ta imel cewa za a ba mu takardar rage bashi. Mun tuna musu, har yau ba ta zo ba. Shi ya sa cekin da na ambata ya tsaya a 4,000,000, domin shi ne ragowar wannan takarda bayan an cire kayan da aka mayar. A wurinmu lamba 2204 ta rufu.

Na ƙarshe ƙarami ne, amma shi kaɗai ne ake jayayya a kansa. A takarda mai lamba 2238 an caje mu kwali 12,000 a kan 265 kowanne, alhali takardar odarmu da suka sa wa hannu ta ce 250. Bambancin ya kama 180,000. Sun ce farashi ya tashi kafin a loda kayan, mu kuma babu wata sanarwa a rubuce da ta zo mana kafin oda. Ba mu amince da wannan kuɗi ba, kuma maganar tana gaban manajojin ɓangarorin biyu.

Bashin 10,350,000 da muka amsa ya ƙunshi takardu uku: lamba 2238 a kan farashin oda, 3,000,000, lamba 2257, 4,200,000, sai lamba 2270, 3,150,000. Wa'adin biyanmu kwana 45 ne daga ranar da kaya suka shiga sito. Na san za ku so ku bi sawun abin da aka biya bayan rufe shekara, don haka ga shi: mun tura 3,000,000 ta banki ranar 13 ga Janairu, muka sake tura 4,200,000 ranar 24 ga Janairu. Lamba 2270 wa'adinta zai cika ranar 2 ga Fabrairu, lamba 2291 kuma ranar 20 ga Fabrairu, kuma babu abin da zai hana mu biya a kan lokaci.

Game da sauran tambayoyinku: ba mu ba da jingina ko lamuni a kan wannan bashi ba. Mu ba ma bin kamfanin wani kuɗi da za a yi ragi da shi. Babu wata yarjejeniya ta gefe, ta baki ko ta rubutu, da ta ba mu damar mayar da kaya masu lafiya ko ta tsawaita wa'adi. Ba mu riƙe musu kaya a matsayin ajiya ko na sai-an-sayar ba. Iya saninmu, babu daraktan da ke zaune a kamfanonin biyu, kuma ɗayanmu bai da hannun jari a ɗayan.

Mun haɗo muku kwafin shafin littafinmu na wannan asusu, da takardar banki ta Disamba da Janairu, da shafin da wakilinsu ya sa hannun karɓar ceki, da takardar rakiyar kaya mai hatimin 6 ga Janairu, da takardar mayar da kaya tare da hotunan kwalayen da suka jiƙe, da takardar oda, da sakin layi na 7 na yarjejeniya. Asalinsu na nan a ofishinmu ga duk wanda kuka turo ya gani. Kwafin wannan wasiƙa zai fara zuwa muku ta imel ɗin ofis, mai hatimi kuma yana tafe ta hannun masu kai saƙo. Idan kuna son tabbatar da cewa daga gare mu ta fito, ku kira babban layin kamfaninmu ku nemi sashen kuɗi.

Mun ba da wannan bayani ne bisa abin da ke rubuce a littattafanmu, don amfanin bincikenku kawai, kuma bai shafe haƙƙinmu a kan kuɗin da ake jayayya ba. Idan kun tarar da wata takarda a can da ta saɓa wa abin da muka kawo, musamman kan ranar da kayan lamba 2291 suka bar sitonsu, don Allah ku turo mana kwafinta mu gwada da namu.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Babban Akanta,
a madadin Daraktan Kuɗi